Ka danna PrtSc ba abin da ya motsa: Windows ce ta yi shiru ko makullin Fn ne ya tare hanya?

Shirun da madannin PrtSc, wato na ɗaukar hoton sikirin kwamfuta, ke yi iri biyu ne, amma a ido ba ka iya bambanta su. A na farko madannin ya yi aikinsa tsaf, hoton sikirin ya ɗauku, Windows ce kawai ba ta ce maka uffan ba. A na biyu kuwa saƙon bai ma isa wurin Windows ba, domin tun a cikin kibod aka musanya shi da wani. Ko wanne ne ya same ka, abin da za ka gani ɗaya ne: ka danna, ka zuba ido, shiru. Daga nan ne mutum ke yanke hukuncin cewa madannin ya mutu ko kwamfutar ta kamu da bairos, wani ma har ya saɓe ta ya nufi wajen masu gyara a Wunti cikin garin Bauchi a sake mata Windows. Alhali da Notepad da minti biyu ana gane wanne ne a cikin biyun, kuma na biyun ko sau goma aka sake Windows ba zai warke ba.

Shiru na farko gado ne. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, sikirin galibi rubutu ne yake ɗauke da shi, layi 25, kowane layi harafi 80. Idan ka haɗa Shift da PrtSc, wannan rubutun ne ake turawa kai tsaye zuwa firinta. A wancan zamanin babu buƙatar wata sanarwa, ƙarar firinta da takardar da ke fitowa sun isa shaida. Da Windows ta zo sai ta sauya wa madannin aiki: maimakon firinta, hoton sikirin gaba ɗaya yana tafiya kilifbod, wato ɗan wurin nan na cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke riƙe duk abin da ka kwafa da Ctrl+C. To ai idan ka kwafi rubutu ma ba ka ganin wata alama. Haka aka bar PrtSc shekara da shekaru, ba ƙara, ba walƙiya, ba fayil.

Kilifbod kuma abu ɗaya tak yake riƙewa. Kamar allon almajiri yake, sai an wanke na jiya ake rubuta na yau. Wannan ne ke cinye hotuna da yawa a shagunan cike fom na Yelwa da Gwallameji ba tare da masu su sun ankara ba. Ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, shafin ya nuna masa shaidar biya, ya danna PrtSc. Kafin ya liƙa hoton a wani wuri sai ya tuna yana son lambar Remita ɗinsa, ya zaɓe ta ya danna Ctrl+C. Shi ke nan, lambar ta wanke hoton. Ya buɗe Word ya danna Ctrl+V, sai lamba ta fito, ya ce ai dama madannin ba ya aiki. Wani kuma bai kwafi komai ba, amma ya je kan tebur ɗin Windows ko cikin wata folda yana danna Ctrl+V. Nan ma ba abin da zai fito, domin abin da ke kilifbod ba fayil ba ne, ɗanyen hoto ne da ke jiran manhajar da ta san hoto, irin su Paint da Word, ko akwatin rubuta saƙo na WhatsApp a kwamfuta. Idan kuma aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu kafin a liƙa, hoton ya tafi ke nan.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Windows ɗin ba ɗaya ba ce. Daga Windows 8 ta 2012 aka ƙaro haɗin madannin Windows da PrtSc: sikirin yana ɗan dushewa na ƙiftawar ido, hoton kuma ya zauna a matsayin fayil ɗin PNG a cikin `Pictures\Screenshots`. A Windows 10 aka kawo Win+Shift+S, wanda ke ba ka damar ja da maus ka yanki ɓangaren da kake so. A 2023 kuma Microsoft ta sauya wa PrtSc hali a Windows 11, ya zama idan ka danna shi kaɗai, manhajar yanko hoton sikirin mai suna Snipping Tool yake buɗewa, sikirin ya dushe, wani ɗan layi na zaɓi ya bayyana a sama. Saboda haka a shago guda za ka iya samun kwamfuta uku a jere, ta farko mai Windows 7 da ba ta san adana fayil da Win+PrtSc ba, ta biyu mai Windows 10 da ke ɗauka a shiru, ta uku mai Windows 11 da ke buɗe Snipping Tool. Wanda ya saba da ta uku idan ya zauna a ta biyu zai rantse madanninta a mace yake.

Ga gwajin da ke raba gardama. Buɗe Notepad ka rubuta kalma ɗaya, a ce Bauchi. Zaɓe ta, ka danna Ctrl+C. Yanzu danna PrtSc sau ɗaya, sannan ka sauka sabon layi ka danna Ctrl+V. Idan ba abin da ya fito, to albishirinka, madannin lafiyarsa ƙalau: hoto ya maye gurbin kalmar, Notepad kuma ba ya karɓar hoto. Buɗe Paint ka danna Ctrl+V za ka gan shi. Idan kuwa Bauchi ce ta sake fitowa, kilifbod bai taɓu ba, ba a ɗauki komai ba. Na fi son wannan gwajin a kan zuwa Paint kai tsaye, domin Paint na iya nuna maka tsohon hoton da aka ɗauka awa guda da ta wuce, ka ɗauka na yanzu ne. Kalmar da ka sa da hannunka ba za ta yaudare ka haka ba.

Idan kalmar ta dawo, galibi an shiga shiru na biyu ke nan, kuma a laftof wanda aka fi zargi shi ne Fn.

Kibod ɗin tebur cikakke yana da madannai sama da 100, PrtSc yana da nasa gurbin shi kaɗai a sama ta dama, kusa da Scroll Lock da Pause. Laftof mai inci 13 ko 14 ba ta da wannan filin, ga shi kuma ana son a cusa mata ƙara sauti da rage shi, hasken sikirin, makirfo da sauransu. Sai masu ƙerawa suka riƙa ɗora aiki biyu a kan madanni ɗaya, suka ƙirƙiro Fn ya zama mai zaɓa tsakaninsu. Abin da yawancin mutane ba su sani ba, har da wasu masu gyara, shi ne Fn ba ɗan'uwan Shift da Ctrl da Alt ba ne, duk da cewa a unguwa ɗaya suke zaune a kibod. Idan ka danna Shift, Windows tana samun labari, ita ce kuma ke haɗa shi da harafin da ya biyo baya. Fn kuwa a mafi yawan laftof labarinsa ba ya fita daga cikin injin. Akwai wani ɗan guntun na'ura a jikin madabod da ke lura da madannai. Shi ne yake duba ko Fn na danne, sannan ya yanke shawarar lambar da zai aika sama. Kowane madanni da lambarsa: ta F10 ita ce `44`, ta PrtSc kuma `E0 37`. Idan an ɗora su a madanni ɗaya, ɗayar lambar ce kawai za ta tafi. Windows ba ta ganin yatsanka, ba ta ganin abin da aka rubuta a jikin madannin, lambar da ta iso gare ta kaɗai ta sani.

Makullin Fn shi ne ke juya wannan zaɓin ya bar shi a juye. A yanayi ɗaya, layin sama yana yin aikin ƙananan zanen da ke jikinsa, sauti da haske da PrtSc, sai ka riƙe Fn za ka samu F1 zuwa F12. A ɗaya yanayin kuma akasin haka ne. A laftof ɗin Dell da ThinkPad na Lenovo, Fn+Esc ne ke juyawa, kuma za ka ga ɗan zanen kwaɗo ko rubutun `FnLock` a jikin Esc. Wasu suna da ɗan ɗigon fitila da ke kunnuwa, wasu babu komai. Inda babu fitilar, babu abin da zai nuna maka halin da ake ciki, kuma ba za ka same shi a Settings na Windows ba, tunda ba ita ke riƙe da shi ba.

Na ga yadda wannan ke faruwa a wani shagon buga takardu da ke Gwallameji. Wata ɗaliba ta shigo da laftof ɗinta, irin waɗanda aka rubuta `prt sc` a jikin F10, `home` a F11, `end` a F12. Tana son hoton shafin rajistar kwasa-kwasanta domin maɓallin bugawa na shafin ya ƙi aiki.

"Malam, don Allah duba min. Da can ina dannawa ina samun hoto a folda, yanzu ko alama."

Mai shagon bai buɗe wani saiti ba. Ya buɗe Word, ya danna madannin shi kaɗai. Nan take wasu ƙananan haruffa a cikin akwatuna suka bayyana a saman shafin, F a kan File, H a kan Home, N a kan Insert. Ya sake dannawa suka ɓace. Wannan aikin F10 ne a Word da Excel, ba na PrtSc ba. Sai ya danna F3 shi kaɗai, wanda ke ɗauke da zanen ƙara sauti. Ma'aunin sauti bai fito ba.

"Malama, wa ya ari kwamfutar nan kwanan nan?"

"Yayana ne ya yi rajistar bautar ƙasa da ita."

Amsar ke nan. Duk wanda ya taɓa zama gaban shafin rajista mai cunkoso ya san yadda ake dukan F5 don sabunta shafi. A irin wannan laftof ɗin F5 yana da wani aikin na daban a jikinsa, dole sai ka riƙe Fn kowane lokaci. Yayan ya gaji da riƙewa, ya danna Fn+Esc, F5 ya dawo masa yadda yake so, ya gama ya mayar da kwamfuta bai faɗa ba. Mai yiwuwa ma bai san ya taɓa wani abu da ya shafi ɗaukar hoto ba. Ita kuma ta ci gaba da danna Win da madannin nan kamar kullum, amma abin da ke isa wurin Windows shi ne Win+F10, haɗin da ba a ba shi wani aiki ba. Mai shagon ya danna Fn+Esc, ya danna F3, ma'aunin sauti ya fito. Ya haɗa Win da madannin, sikirin ya dushe, fayil ya faɗa folda. Ko minti uku ba a yi ba.

Abin lura a nan shi ne madannin bai taɓa daina aiki ba, aikin wani yake yi. Shi ya sa idan ka san abin da kishiyar PrtSc ke yi a kibod ɗinka, za ka kama ta tana aiki. A Chrome, F10 yana kai zaɓi ne kan ɗigo ukun nan na kusurwar dama, ka ga ɗan zobe ya kewaye su, abin da ido ba ya kamawa idan ba ka neme shi ba. Wanda ya saba da Alt+PrtSc don ɗaukar taga ɗaya kawai, idan makulli ya juya zai aika Alt+F10 ne, a Word kuma wannan yana buɗe wani shafi a gefen dama mai suna Selection. Mutum ya zo ɗaukar hoto sai ya ga abin da bai kira ba. Gwajin sauti ya fi sauƙi ga kowa: danna madannin ƙara sauti shi kaɗai. Idan sauti ya motsa, zane-zanen ne ke kan gaba, PrtSc ɗin da ke layin ma zai amsa shi kaɗai. Idan bai motsa ba, lambobin F ne ke kan gaba, kuma sai ka haɗa da Fn. Wato ba dole ba ne ka buɗe makullin. Fn+F10 zai ba ka hoto a kilifbod, Fn+Win+F10 zai ba ka fayil, yatsu uku ne kawai.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne shawarar da ake yawan bayarwa ta "danna Fn+Esc kawai" ke faɗuwa ƙasa. Makullin Fn galibi layin F1 zuwa F12 yake juyawa. Idan PrtSc ɗinka ba a wannan layin yake ba, juya makullin ba lallai ya taɓa shi ba. A ThinkPad da yawa, PrtSc yana da gurbinsa shi kaɗai a layin ƙasa, tsakanin Alt da Ctrl na dama, babu ruwansa da Fn. A wasu laftof ɗin an ɗora shi a kan Insert ko End, an rubuta shi da ƙananan haruffa, ko da wani launi, ko a cikin ɗan akwati. Ƙa'idar karanta wannan ita ce ka dubi yadda aka rubuta Fn ɗin kansa: idan shuɗi ne, duk rubutun shuɗi nasa ne, idan a cikin akwati yake, duk abin da ke cikin akwati sai da shi. A irin waɗannan, riƙe Fn ne mafita ko makulli na kulle ko yana buɗe.

Mafi rikitarwa a wurina ita ce HP EliteBook 840 G5 da 'yan'uwanta, waɗanda suka cika hannun ma'aikata da ɗalibai tun da suka fara shigowa a matsayin na hannu. A layin samanta ba za ka ga PrtSc ba. An rubuta `prt sc` ne ƙanana a jikin Shift na dama, ana samunsa da fn da Shift na dama. A wannan laftof ɗin kuma fn da Shift na hagu shi ne makullin Fn. To ka ga inda gizo ke saƙa. Aboki ya gaya maka a waya cewa ka danna fn da Shift. Hannunka na hagu yana kan fn, Shift mafi kusa shi ne na hagu, ka danna. Hoto bai ɗauku ba, amma ka kulle Fn ba ka sani ba, ɗan ɗigon fitila ya kunnu a jikin fn. Anjima ka zo rage haske ya ƙi, ka zo ƙara sauti ya ƙi. Matsala ɗaya ta zama biyu, kuma ta biyun ce za ta sa ka yarda kibod ya lalace. Sake danna fn da Shift na hagu yana kashe fitilar, komai ya koma daidai.

Wani abin da na hannu ke zuwa da shi shi ne kibod ɗin ƙasar da aka kwaso ta. Laftof da ta fito daga Jamus ba za ka ga PrtSc a jikinta ba, `Druck` aka rubuta, Ctrl ma `Strg` ne. Ta Italiya `Stamp`, ta Sifaniya `Impr Pant`. Madanni ɗaya ne, lamba ɗaya yake aikawa, ko da an sa mata Windows ta Turanci.

Kwamfutar tebur ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. A 2001 Microsoft ta fara sa wani madanni mai suna F Lock a wasu kibod ɗinta, Logitech ma ta yi irinsa. Tunaninsu shi ne a ba F1 zuwa F12 ayyukan ofis kamar buɗe fayil, adanawa, aika wasiƙa da duba kuskuren rubutu. A wasu daga cikinsu an haɗa PrtScn da Insert a madanni guda, F Lock ne ke zaɓar wanda zai fita. Na farko-farkon ma duk lokacin da aka kashe kwamfuta aka kunna, makullin yana komawa a kashe, don haka abin da ka saita jiya ba shi za ka tarar yau ba. Har yanzu ana cin karo da irin waɗannan a tsofaffin ofisoshi da cikin tarin kibod na gwanjo. Idan kibod ɗinka yana da kumbura-kumburan madannai na waƙa da wasiƙa a samansa, nemi F Lock a ƙarshen layin F, yawanci da fitilarsa. Shi ma a cikin kibod ɗin yake aiki, Windows ba ta da hannu a ciki.

Yanzu a ce ka gwada da Fn, ka gwada babu Fn, ka juya makulli, kalmar Notepad tana ta dawowa. Kafin ka ce madannin ya mutu, ka zagaye kibod ɗin gaba ɗaya. Danna Win+R ka rubuta:

```
osk
```

Kibod zai bayyana a sikirin, da madannin `PrtScn` a gefen dama. Kwafi kalmarka, danna shi da maus, ka liƙa a Notepad. Wannan danni daga cikin Windows ya fito, bai bi ta kan ɗan guntun na'urar nan ba. Akwai `Fn` a wannan kibod ɗin ma, amma kada ya ruɗe ka, aikinsa kawai mayar da layin lambobi zuwa F1 har F12, ba ya taɓa makullin laftof. Idan na sikirin ya ɗauki hoto, Windows lafiyarta lau, matsalar tana ƙasa: ko dai ba ka gano haɗin da ya dace ba, ko madannin ya lalace da gaske, ƙura ko ruwa sun shige shi. Jona kibod na USB yana ba da amsa iri ɗaya, domin shi da tasa na'urar yake zuwa, makullin laftof ba ya hawa kansa. A gaskiya idan madanni ɗaya ne ya mutu, ban ga dalilin ɓalle laftof a canja kibod dungurungum ba, ga hanyoyin zagaye.

Idan kuma har na sikirin bai taɓa kilifbod ba, to saƙon yana isowa, wani ne ke tare shi a cikin Windows. Manhaja tana iya yin rajistar madanni ya zama nata, kuma masu ɗaukar hoton sikirin irin su Lightshot, Greenshot da ShareX da PrtSc suke fara kamawa. Idan masu gyara sun zuba maka ɗaya daga cikinsu tare da tarin manhajojin da suke sawa, duba ƙananan alamun da ke kusa da agogo, ka rufe ta ka sake gwaji. A Windows 11 kuma shiga Settings, Accessibility, Keyboard, ka nemi layin da ke maganar Print screen, a Windows 10 yana ƙarƙashin Ease of Access. Idan yana kunne, madannin Snipping Tool yake kira, kuma babu hoton da zai ɗauku sai ka ja maus ka zaɓi wuri. Wanda ya ga sikirin ya dushe ya firgita ya danna Esc, ya soke ɗaukar da kansa. A kwamfuta mai nauyi da ƙaramin ram, layin zaɓin kan ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya fito, mutum ya riga ya danna wani wuri. Kashe wannan zaɓin yana mayar da tsohon hali.

OneDrive, manhajar Microsoft mai adana fayiloli a intanet, nata salon daban ne: hoton yana ɗaukuwa, fayil ma yana samuwa, sai dai ba inda ka saba nema ba. Idan an kunna mata adana hotunan sikirin, ko ta karɓi foldar Pictures gaba ɗaya, fayilolin suna cikin `OneDrive\Pictures\Screenshots`. Maimakon laluben folda, danna Win+R ka rubuta `shell:screenshots`, zai kai ka inda Windows ke zuba hotunan Win+PrtSc a halin yanzu. Dushewar sikirin ma ba shaida ce da za a dogara da ita ba, domin idan an kashe motsin ado na Windows don kwamfuta ta yi sauri, fayil yana adanuwa ba tare da dushewar ba.

Saura tambayar yadda ya kamata a bar makullin. Mai aikin Excel da ke rayuwa a kan F2 da F4, ko mai shagon rajista da ke dukan F5 wuni guda, ya fi dacewa ya bar lambobin F a kan gaba, ya saba da ƙara Fn idan zai ɗauki hoto. Wanda kallo da karatu ne aikinsa ya bar zane-zanen. Idan laftof ɗin ba ta da haɗin juyawa, ko tana mantawa bayan an kashe ta, zaɓin yana cikin BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Dell ana shiga da F2 lokacin kunnawa, a nemi `Fn Lock Options` ko `Function Key Behavior`. A HP ana shiga da F10, a na gida sunansa `Action Keys Mode`. A IdeaPad na Lenovo `HotKey Mode` ne. Canja wannan layin kaɗai, ka adana, ka fita, kada hannu ya yi yawo a sauran.

A kwamfutar da hannaye da yawa ke taɓawa, ta shago ko ta gida da yaya da ƙane ke karɓa-karɓa, ni shawarata a daina dogara da PrtSc ɗin baki ɗaya. Win+Shift+S madannai uku ne da babu ɗayansu a layin F, don haka ko wa ya juya makulli ba ruwansa, kuma yana nuna maka a fili cewa ya amsa. A haɗa da Win+V: a karon farko zai nemi ka kunna tarihin kilifbod, daga nan zai riƙa riƙe abubuwa har 25, hoto da rubutu, ta yadda kwafar lambar Remita ba za ta sake wanke shaidar biya ba. Sai dai a kwamfutar shago wannan tarihin yana nuna wa na baya abin da na gaba ya kwafa, har da lambar sirri idan kwafo ta ya yi, don haka a danna `Clear all` kafin wani ya zauna. Dukansu biyu sai Windows 10 zuwa sama. Mai Windows 7 sai ya buɗe Snipping Tool daga Start, ko ya koma PrtSc da Paint, ya liƙa nan take kafin ya kwafi wani abu.